Mara ko Cika: Abin da Fawar Sayin da Kosayin ke Faɗa Kafin a Fara Intigireshan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba intigiral mai siffar ∫ sinᵐx cosⁿx dx, wanda ɗaliban kalkulas ke haɗuwa da shi tun a shekarunsu na farko a jami'a da kwalejojin ilimi. An saba koyar da shi a matsayin dokoki biyu da za a haddace: idan fawa ɗaya mara ce a yi musanya, idan duka biyu cika ne a nemi ƙa'idar ninkin kusurwa. Maƙalar ta nuna dalilin da ya haifar da dokokin, ta kuma nuna cewa bambancin mara da cika yana bayyana a jikin amsar kanta, har malami ko ɗalibi zai iya gane kuskure ba tare da ya sake lissafin daga farko ba.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar kalkulas ya san yadda wannan batu ke wahalar da ɗalibai. Sukan san dokar, amma da zarar an canza musu tambaya kaɗan sai su rasa wace ƙa'ida za su ɗauko. A ganina laifin yana ga yadda muke gabatar da darasin: mukan ba su hanyoyi biyu ba tare da mun faɗa musu abin da ya raba hanyoyin ba. Kayan aikin kuwa ba su da yawa. Akwai ƙa'idar Fitagoras,

sin²x + cos²x = 1,

akwai kuma ƙa'idodin ninkin kusurwa guda uku:

sin²x = (1 − cos 2x)/2
cos²x = (1 + cos 2x)/2
sin x cos x = (sin 2x)/2

Sai abu na ƙarshe, wanda shi ne ginshiƙin komai: deribatif ɗin sayin shi ne kosayin, deribatif ɗin kosayin kuma shi ne sayin mai alamar ragi. A duk abin da zai biyo baya m da n cikakkun lambobi ne daga sifili zuwa sama, sai inda na faɗi akasin haka, kuma da radiyan ake auna kusurwa.

Idan fawa ɗaya mara ce

Mu ɗauki ∫ sin³x cos²x dx. Musanya tana buƙatar abu biyu. Na farko, a samu abin da zai zama du. Na biyu, duk abin da ya saura a iya rubuta shi da u kaɗai. Idan muka ce u = cos x, to du = −sin x dx, wato sai mun ware sayin guda ɗaya mun ba shi. Muna da sayin uku. Idan aka cire ɗaya biyu suka rage. Ƙa'idar Fitagoras kuwa bibbiyu take karɓar sayin, domin sin²x ne take mayarwa 1 − cos²x. Saboda haka:

∫ sin³x cos²x dx = ∫ (1 − cos²x) cos²x · sin x dx = −∫ (1 − u²)u² du

Idan aka buɗe baka, abin da ke ciki u² − u⁴ ne, intigiral ɗinsa kuma u³/3 − u⁵/5. Alamar ragin da ke gaba ta juya su, muka samu

∫ sin³x cos²x dx = (cos⁵x)/5 − (cos³x)/3 + C.

Dalilin da ya sa mara ke da sauƙi ke nan. Lamba mara idan aka cire mata ɗaya takan koma cika, cika kuma tana rabuwa bibbiyu ba saura. Ɗayan da aka cire ya tafi ga du, sauran sun bi ta ƙa'idar Fitagoras, aka wayi gari babu sayin ko ɗaya sai folinomiyal na u.

Yana da kyau malami ya bar ɗalibai su gwada zaɓin da bai dace ba a kan allo, su ga inda zai kai su. A ce an ɗauki u = sin x a wannan misalin. Sai du ya cinye kosayin ɗaya, ɗaya ya rage shi kaɗai. Wannan guda ɗayan ba zai rubutu da u ba sai ta sikwaya rut, ±√(1 − u²), alamarsa kuma tana canzawa gwargwadon inda kusurwa take a kan da'ira. Ba a ce hanyar ta toshe gaba ɗaya ba, amma an sayi wahalar da ba a buƙata. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara tambayar me ya sa u ke zama kosayin alhali sayin ne ke da fawa mara ba.

A lura cewa sharaɗin yana kan fawa ɗaya ce kawai. Ɗaya fawar tana iya zama komai, ko da ba cikakkiyar lamba ba ce. A ∫ cos³x/√(sin x) dx, inda sayin ya fi sifili, kosayin na da fawa 3, don haka u = sin x, intigiral ɗin ya koma ∫ (1 − u²)u^(−1/2) du, amsa kuma 2√(sin x) − (2/5)(sin x)^(5/2) + C. Sikwaya rut ɗin da ke nan bai hana komai ba, domin yana kan u ne kai tsaye.

Idan duka biyu mara ne

A nan hanya biyu ce a buɗe, kowacce kuma daidai take. Ga ∫ sin³x cos⁵x dx. Idan u = cos x, za a mayar da sin²x kawai, a samu −∫ (1 − u²)u⁵ du, wato (cos⁸x)/8 − (cos⁶x)/6 + C. Idan u = sin x, sai an mayar da cos⁴x zuwa (1 − u²)², a buɗe gaɓa uku, a samu (sin⁴x)/4 − (sin⁶x)/3 + (sin⁸x)/8 + C. Hikima ita ce a ware guda ɗayan daga ƙaramar fawa, saboda abin buɗewa ya fi kaɗan.

Amsoshin nan biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, kuma mai duba takarda da ke riƙe da amsa ɗaya tak yana iya soke ɗalibin da ya bi ɗaya hanyar. Wannan zalunci ne da za a iya kauce masa cikin minti guda. A saka x = 0: amsar farko ta ba da 1/8 − 1/6 = −1/24, ta biyu ta ba da sifili. A saka x = π/2: ta farko sifili, ta biyu 1/4 − 1/3 + 1/8 = 1/24. A wurare biyun tazarar da ke tsakaninsu 1/24 ce, haka kuma take a ko'ina, tunda deribatif ɗinsu ɗaya ne. Tsayayyar lamba C ce ke haɗiye bambancin. Ina roƙon masu tsara takardar ba da maki su riƙa rubuta siffofin biyu.

Idan duka biyu cika ne

Yanzu mu gwada dabarar nan a kan ∫ cos²x dx. Idan aka ware kosayin ɗaya domin du, ɗaya zai rage, mu faɗa cikin ∫ √(1 − u²) du. Hanyar da littattafai ke bi wajen warware wannan kuwa ita ce a ce u = sin θ, wadda za ta dawo da mu kan ∫ cos²θ dθ, inda muka taso. Cika idan aka cire mata ɗaya mara take komawa, mara kuma tana barin saura. Dole a sake dabara.

Ƙa'idodin ninkin kusurwa suna yin ciniki ne: su rage fawa da rabi, su ninka kusurwa. Fawa 2 ta koma 1, x ya koma 2x. Da wannan,

∫ cos²x dx = x/2 + (sin 2x)/4 + C.

A fawa 4 sai an yi cinikin sau biyu. Da farko cos⁴x = (1 + 2cos 2x + cos²2x)/4. Gaɓar ƙarshe har yanzu cika ce, sai a sake rage ta, kusurwar kuma ta sake ninkuwa: cos²2x = (1 + cos 4x)/2. Idan aka tattara, cos⁴x = 3/8 + (cos 2x)/2 + (cos 4x)/8, daga nan

∫ cos⁴x dx = 3x/8 + (sin 2x)/4 + (sin 4x)/32 + C.

Abu ɗaya da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne sifili lamba ce cika. Idan kosayin ne kaɗai a tambaya, fawar sayin sifili ce. Don haka cos⁴x yana cikin rukunin cika da cika, cos⁵x kuma yana cikin rukunin mara.

Misalin da na fi so in tsaya a kansa shi ne ∫ sin⁴x cos²x dx, domin a cikinsa hanyoyin biyu suke haɗuwa. Mai gaggawa zai mayar da kowace fawa daban, ya ninka baka uku, ya tsinci kansa da cos³2x da cos²2x a jere. Zai kai ga amsa, amma wurin yin tuntuɓe ya yi yawa. Ya fi kyau a fara haɗa sayin da kosayin wuri guda. A rubuta sin⁴x cos²x a matsayin (sin x cos x)² · sin²x. Kashin farko ya zama (sin²2x)/4, na biyu ya zama (1 − cos 2x)/2. Idan aka ninka su:

sin⁴x cos²x = (1/8)(sin²2x − sin²2x cos 2x)

Gaɓa biyu ke nan, kowacce da rukuninta. Ta farko, sin²2x, cika ce, sai a rage ta zuwa (1 − cos 4x)/2, intigiral ɗinta x/2 − (sin 4x)/8. Ta biyu kuwa tana da kosayin mai fawa 1, wato mara. A ce u = sin 2x, du = 2cos 2x dx, intigiral ɗinta (sin³2x)/6. A haɗa su, a raba da 8:

∫ sin⁴x cos²x dx = x/16 − (sin 4x)/64 − (sin³2x)/48 + C.

Darasin da ke cikin wannan misali shi ne tambayar “mara ko cika?” ba sau ɗaya ake yin ta a farkon aiki a wuce ba. Bayan kowane mataki sai an sake yi wa kowace gaɓa ita. Ɗalibin da ya ɗauka cewa tunda ya fara da ninkin kusurwa dole ya ƙare da shi zai ɓata lokaci yana rage abin da musanya za ta gama a layi ɗaya.

Daga ina x ya fito?

Idan muka jera amsoshin da muka samu za mu ga wani abu. A rukunin mara amsa sayin ce ko kosayin zalla. A rukunin cika kuwa kullum akwai gaɓa mai x tsirara: x/2, 3x/8, x/16. Wannan ba dace ba ne, kuma shi ne abin da na fi so malamai su tafi da shi azuzuwansu.

Idan m mara ce, canza x zuwa −x yana juya alamar sinᵐx cosⁿx. Idan n ce mara, canza x zuwa π − x ne ke juya ta. Ko ta wace hanya, a cikin cikakken zagaye daga 0 zuwa 2π, duk filin da zanen sinᵐx cosⁿx ya rufe a saman layin x akwai kwatankwacinsa a ƙasa, suna kashe juna. Jimillar sifili ce, don haka amsar tana dawowa inda ta fara bayan kowane zagaye, kamar yadda sayin da kosayin ke yi.

Idan duka fawar cika ne, zanen ba ya taɓa sauka ƙasan layin. Babu abin da zai kashe wani. Kowane zagaye ƙara fili yake yi a kan na baya, amsar kuma hawa take yi ba ta saukowa. Folinomiyal na sayin da kosayin kuwa, komai tsawonsa, maimaita kansa yake yi bayan 2π, ba zai iya hawa har abada ba. Ashe ke nan ba rashin dabara ne ya hana musanya ba da folinomiyal a rukunin cika ba. Irin wannan amsar ce babu ita. Dole a samu gaɓar da ke girma, ita ce mai x.

Lambar da ke gaban x ɗin ma tana da ma'ana: ita ce matsakaicin tsayin zanen a cikin zagaye guda, domin sauran gaɓoɓin duk suna komawa inda suka fara. Matsakaicin cos²x rabi ne, na cos⁴x 3/8, na sin⁴x cos²x kuma 1/16. Masu karatun injiniyan lantarki da wannan rabin suke aiki kullum. Ƙarfin wutar da ke zuwa gidajenmu hawa da sauka yake yi a siffar sayin, sau 50 a daƙiƙa, zafin da yake haifarwa a waya kuma yana tafiya ne da sin². Tunda matsakaicin sin² rabi ne, adadin da ake ambata shi ne ƙololuwar ƙarfin a raba da √2. Wutar da ake cewa bolt 230 ce, ƙololuwarta tana kaiwa kusan bolt 325.

Yadda ake gane kuskure

Abin da ya gabata yana ba mai duba takarda ma'auni na farko, wanda ido kaɗai ya isa. Idan fawa duka cika ne amma amsar ɗalibi ba ta da gaɓar x, kuskure ne. Idan akwai fawa mara amma x ya fito tsirara, shi ma kuskure ne. Lambar gaban x ɗin kuma dole ta fi sifili, ta kuma gaza ƙololuwar zanen. Ƙololuwar sin⁴x cos²x ita ce 4/27, kusan 0.148, inda sin²x ya zama 2/3. Matsakaicinmu 1/16, wato 0.0625, yana ƙasa da ita kamar yadda ya kamata.

A rukunin mara kuskuren da ya fi yawa shi ne zubar da alamar ragin da ke cikin du = −sin x dx. Ana kama shi ta hanyar auna amsa daga 0 zuwa π/2, inda sayin da kosayin ba sa sauka ƙasa da sifili. Amsarmu ta farko a π/2 sifili ce, a 0 kuma 1/5 − 1/3 = −2/15, bambancin 2/15. Wanda ya zubar da alamar zai samu −2/15, fili mai alamar ragi a ƙarƙashin zanen da ke sama da layi, abin da ba ya yiwuwa.

A rukunin cika kurakuran iri uku ne da nake yawan gani. Wasu sukan musanya alamar ƙa'idodin biyu, su ba sayin tarawa, kosayin ragi. Maganinsa a saka x = 0: sin²0 sifili ne, kuma (1 − cos 0)/2 ce ke ba da sifili. Wasu sukan rage cos²2x su bar kusurwar a 2x maimakon 4x. Wasu kuma sukan manta cewa intigiral ɗin cos 4x shi ne (sin 4x)/4. Biyun ƙarshe ana kama su ne da ɗaukar deribatif ɗin amsa a gwada a kusurwa ɗaya mai sauƙi. Deribatif ɗin amsarmu ta sin⁴x cos²x shi ne 1/16 − (cos 4x)/16 − (sin²2x cos 2x)/8. A x = π/4, cos 4x = −1, cos 2x kuma sifili, aka samu 1/16 + 1/16 = 1/8. Asalin abin a wannan kusurwa shi ne (1/4)(1/2) = 1/8. Sun dace. Sai dai a lura cewa gaɓa ta uku ta ɓace a π/4, don haka gwajin bai taɓa ta ba. A ƙara da x = π/6, inda babu gaɓar da ke ɓacewa: 1/16 + 1/32 − 3/64 = 3/64, asalin kuma (1/16)(3/4) = 3/64.

Manyan fawa da ƙa'idar ragewa

Ninkin kusurwa yana da iyaka ta fuskar aiki. A fawa 8 ko 10 buɗe baka kan yi tsawon da kuskure ke kusan zama dole. A nan ƙa'idar ragewa, wadda ake samowa ta intigireshan kashi-kashi, ta fi dacewa:

∫ sinⁿx dx = −(sinⁿ⁻¹x cos x)/n + ((n − 1)/n) ∫ sinⁿ⁻²x dx

Ƙa'idar tana saukar da fawa bibbiyu ne, saboda haka mara ba ta taɓa zama cika. Idan aka fara da mara za a ƙare a ∫ sin x dx, wato −cos x. Idan aka fara da cika za a ƙare a fawa sifili, ∫ 1 dx, wato x. Ga gaɓar nan ta sake fitowa ta wata ƙofa daban.

Daga 0 zuwa π/2 gaɓar farko tana ɓacewa idan n ta kai 2 ko ta fi, idan muka kira intigiral ɗin sinⁿx a wannan tazara Iₙ, sai ya zama Iₙ = ((n − 1)/n) Iₙ₋₂, tare da I₀ = π/2 da I₁ = 1. Daga nan I₃ = 2/3, I₅ = 8/15, amma I₂ = π/4, I₄ = 3π/16. Duk na cika suna ɗauke da π, na mara ba su da shi. Tunda sayin bai wuce 1 ba a wannan tazara, ƙara fawa rage fili yake yi, don haka I₅ < I₄ < I₃. Wato 3π/16 yana tsakanin 8/15 da 2/3, wanda ke nufin π yana tsakanin 128/45 da 32/9, kusan 2.84 da 3.56. Idan aka ci gaba da hawa da n iyakokin biyu matsowa suke yi, har su kai ga sakamakon da John Wallis, masanin lissafi na Jami'ar Oxford, ya wallafa a littafinsa Arithmetica Infinitorum a 1656:

π/2 = (2/1)(2/3)(4/3)(4/5)(6/5)(6/7)…

Wallis ya kai ga wannan ne ta nazarin faɗin da'ira, tun kafin kalkulas ya kafu a hannun Newton da Leibniz, amma da sunansa ake kiran intigiral ɗin Iₙ a yau.

Inda dokar ta tsaya

Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan cewa sayin da kosayin suna kan kusurwa ɗaya. A ∫ sin 3x cos 5x dx kusurwoyin sun bambanta, ƙa'idar Fitagoras ba ta haɗa su, sai a nemi ƙa'idar mayar da ninkawa zuwa tarawa, wadda ta ba da (sin 8x − sin 2x)/2. Idan kuma fawa ta sauka ƙasa da sifili, dabarar mara tana nan da ranta amma amsar ta daina zama folinomiyal. A ∫ dx/cos x fawar kosayin −1 ce; a ninka sama da ƙasa da cos x, a ce u = sin x, sai a samu ∫ du/(1 − u²), wanda amsarsa logaridim ce, (1/2) ln((1 + sin x)/(1 − sin x)) + C. Ma'aunin gaɓar x ma ba ya aiki a nan, domin zanen yana tsinkewa a duk inda ƙasan ya zama sifili, hujjar zagaye guda kuma ta dogara ne ga zanen da bai tsinke ba. Shi ya sa ∫ dx/cos²x, mai fawa cika da cika, ke ba da tan x + C ba tare da x tsirara ba.